Yadda ake auna sigina kafin a zuba mata kuɗi

Duk wanda ya taɓa zama a zauren sigina na Telegram ko WhatsApp, inda ake turo shawarar koin ɗin da za a yi ciniki da farashin shiga da na fita, ya san irin wannan saƙo. Yakan faɗo ne da hoton taswirar farashi, an ja layuka biyu ko uku, an sa kibiya mai kallon sama, sai kuma rubutu a ƙasa:

```
SOL/USDT LONG
Entry: 148 - 152
TP1: 154
TP2: 158
TP3: 170
SL: 141
Leverage: 20x
```

Alkaluman nan ni na tsara su don misali, amma fasalin shi ne wanda ake turowa kullum. Abin da mafi yawan mabiya ke tambayar kansu idan sun ga saƙon shi ne: shin farashin zai tashi kuwa? Wannan tambaya ba ta da amsa a wurin kowa, har da wanda ya turo. Amma akwai wasu tambayoyi uku da ke da amsa tun kafin farashi ya motsa, kuma da kalkuletar waya kawai ake samo ta. A nawa zan shiga? A ina za a ce hasashen ya mutu? Shi mai turowar, ta ina kuɗinsa ke shigowa? Da waɗannan ukun za ka iya watsar da sigina marar kyau ba tare da ka san ko SOL zai hau ko zai sauka ba.

Mu fara da mashiga. Ba a ba ka farashi ɗaya ba, an ba ka tsakanin 148 da 152. Ga ido, dala huɗu ba wani abu ba ce a kan koin mai tsadar dala ɗari da hamsin. Amma ba da tsadar koin ake auna ta ba, da nisan `SL`, wurin fita da asara, da nisan `TP`, wurin ɗaukar riba, ake aunawa. Wanda ya samu shiga a 148 yana da dala 7 tsakaninsa da 141, inda zai fita da asara, kuma yana da dala 10 tsakaninsa da 158. Wanda ya shiga a 152 ya sa dala 11 a hatsari, yana neman dala 6 a wuri ɗaya da wancan. Saƙo ɗaya suka karanta, a zaure ɗaya suke, amma cinikinsu ya sha bamban: na farko yana neman fiye da abin da ya sa a hatsari, na biyu yana neman kusan rabinsa.

Akwai ɗan lissafi da ya kamata kowane mai bin sigina ya haddace. Ka ɗauki abin da za ka iya rasawa, ka raba shi da jimlar asarar da ribar. Abin da ya fito shi ne kason nasarar da kake buƙata don kawai ka tashi ba ci ba asara. Ga wanda ya shiga a 148 yana jiran 158, 7 ne a raba da 17, wato kusan kashi 41 cikin ɗari. Ko da sigina shida cikin goma irin wannan sun faɗi, yana dab da mayar da uwar kuɗinsa. Ga wanda ya shiga a 152, 11 ne a raba da 17, kusan kashi 65. Shi sai biyu cikin kowace uku sun ci kafin ya tsira.

To a zahiri wa ke samun 148? Mafi yawan lokuta, sanda aka turo saƙon farashin yana wajen 151 ko 152 ne, 148 ɗin kuma wuri ne da ya riga ya baro ko wanda ake fatan ya koma. Kai kuma kana aji, ko kana shago, ko netwok ya riƙe saƙon, ka buɗe bayan minti goma sha biyar ka tarar da 153. Zuciya ta ce jirgi zai tashi ya bar ka, sai ka danna `Market`, wato ka saya nan take a farashin da ke allo. Yanzu asararka dala 12 ce, `TP1` kuma dala ɗaya ce tak a gabanka. Ba siginar da aka turo ka shiga ba, wata daban ka ƙirƙira wa kanka. Idan farashi ya fita daga mashigar da aka bayar, abu biyu ne suka rage: ka ajiye odar `Limit` a inda lissafi ya yi maka daɗi ka jira, ko ka haƙura da wannan. Sau da yawa farashin ba zai dawo ba, kuma za ka ga ya je inda aka ce. Hakan na da ciwo, amma ko sisi bai fita daga aljihunka ba.

Faɗin mashiga yana da wani amfani ga mai zauren, wanda sai wajen sanar da sakamako yake bayyana. Idan farashi ya taɓa 154, saƙo zai fito cewa `TP1` ta ci da riba kashi 81 cikin ɗari. Daga ina 81 ta fito? Daga 148 zuwa 154 tashin kashi huɗu ne da ɗan ɗoriya, a ninka sau 20 saboda `Leverage: 20x`, wato ninkin da aka rubuta a saƙon. Wanda ya shiga a 152 kuwa abin da ya samu kashi 26 ne na kuɗin da ya ajiye, kafin a cire kuɗin ciniki. An auna nasara daga mafi kyawun farashin da ƙila babu wanda ya samu. Da siginar ta faɗi kuma, ba kasafai ake ganin an ninka asarar sau 20 an rubuta ta da manyan baƙaƙe ba.

Wannan `TP1` da aka matso da ita kusa da mashiga ita ce sirrin zaurukan da ke tallata cewa siginarsu na ci kashi 85 ko 90 cikin ɗari. Ina so a tsaya nan a fahimta da kyau, domin da wannan adadi ake janyo mutane su biya kuɗin wata. Ka ɗauka farashi yana yawo ne kawai, ba shi da alkibla, kuma wanda ya ba da siginar bai san komai ba. Ka shiga a 152, sama da kai akwai layi a nisan dala 2, ƙasa da kai akwai layi a nisan dala 11. Wanne farashin zai fara taɓawa? Na kusa, mafi yawan lokuta. Lissafi ya nuna kusan sau 11 cikin 13 ne, wato wajen kashi 85 cikin ɗari. Ke nan yaron da bai taɓa ganin taswirar farashi ba zai iya kafa wannan tarihi muddin ya matso da ribar kusa ya tura asarar nesa. Yanzu ka ƙirga kuɗin. A ciniki ɗari na SOL guda ɗaya, 85 sun ci dala bibbiyu, ya ba da 170. Sha biyar sun faɗi da dala sha ɗai-ɗai, ya ba da 165. Saura dala 5. Kuɗin da dandali ke cira wajen shiga da fita ya kai wajen santi 15 a kowane ciniki, wato dala 15 a ɗarin. An ci sau 85, kuma an koma gida da giɓin dala 10. Saboda haka idan aka ce maka zaure yana da kashi 90, ka tambaya: idan an ci nawa ake ci, idan an faɗi nawa ake rasawa?

Sai magana ta biyu, wadda a ganina ita ce zuciyar sigina: wurin da hasashen ke rushewa. Kowace sigina ta gaskiya tana tsaye ne a kan wata hujja da ake iya gani a taswira. A misalinmu, mu ce a kyandir na awa huɗu, wato sandunan taswira da kowanne ke nuna motsin farashi na awa huɗu, farashi ya sauko wajen 143 sau biyu, kowane karo masu saye suka tare shi ya koma sama. Hujjar mai sigina ita ce akwai masu saye a 143, kuma muddin suna nan, hanya sama take. Idan haka ne, hujjar tana da ajali: ranar da farashi ya ratsa 143 ya zauna a ƙarƙashinta, masu sayen sun janye ko an fi ƙarfinsu, dalilin shigarka ya ƙare. Ba wai farashin ba zai sake tashi ba har abada, zai iya. Amma ba don dalilin da ka shiga ba, kuma ba ka da wani abin dogaro sai fata.

Da wannan ma'auni, 141 wuri ne mai ma'ana. Yana ƙarƙashin 143, an bar ɗan fili don farashi yakan leƙa ƙasan irin wannan layi ya dawo, musamman da yake kowa ya san nan ne jama'a ke jibge odar fitarsu. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe taswirar da kanka a TradingView ko a dandalin da kake ciniki, ka duba ko akwai wani abu a wurin da aka sa `SL`. Idan ka ga an sa shi a tsakiyar inda farashi ke kai-komo kullum, to motsin yau da gobe ma zai fitar da kai. Idan kuma ka lura kowace sigina ta zauren `SL` ɗinta kashi biyar ne ƙasa da mashiga, ko wane koin ne, ko yaya kasuwa take, to ba daga taswira aka ciro shi ba, an cike gurbi ne kawai.

Akwai kuma bambanci tsakanin taɓawa da rufewa, kuma ya kamata sigina ta faɗi wanne take nufi. Wani zai ce a fita da zarar farashi ya taɓa 141. Wani zai ce sai kyandir na awa huɗu ya rufe a ƙasan 143. Na biyun yana kare ka daga leƙen da farashi ke yi ya dawo, amma yana da nasa hatsarin: kafin kyandir ya rufe, farashi na iya kaiwa 132, kuma a can za ka fita. Wanda ke sayen koin kai tsaye da kuɗinsa zai iya jure wannan. Wanda ya ɗauki ninki 20 ba zai ga rufewar kyandir ɗin ba ma.

Nan ne siginar tamu ta karye, duk da cewa `SL` ɗinta na da kyau. Ninki 20 na nufin da dala 50 ka riƙe kayan dala 1,000. Idan farashi ya sauka kashi biyar cikin ɗari, dala 50 ɗinka ta ƙare, kuma dandali ba ya jira ta ƙare tas, yana rufe cinikin tun da ɗan saura. Daga 152, kashi biyar shi ne dala 7.6, wato 144.4, da ɗan abin da dandali ke riƙewa, za a share ka a wajen 145. `SL` kuma yana 141. Ma'ana, wanda ya bi siginar yadda aka rubuta ta, a kan `Isolated`, tsarin da abin da ka ajiye wa cinikin kaɗai ke cikin hatsari, zai rasa duk abin da ya ajiye dala huɗu kafin farashi ya kai inda aka ce ya fita. Abin da ya fi ciwo, farashin na iya saukowa 144, ya tarar da masu sayen nan na 143, ya juya ya tafi har 170. Hasashen ya yi daidai, zaure na ta murna, shi kuwa an riga an fitar da shi. Idan kuma a kan `Cross` yake, ba za a share shi a 145 ba, domin dandali zai riƙa cin sauran kuɗin asusunsa yana tallafar cinikin. A 141 asararsa ta kai wajen dala 72, fiye da 50 ɗin da ya zaci ita kaɗai ya sa. Kafin ka tabbatar da oda, dandali yana nuna maka `Liq. Price`, wato farashin da za a share ka a kai. Ka ɗora shi kusa da `SL`. Idan shi farashi zai fara tararwa, siginar ba ta da mafita, ko da an rubuta mata ɗaya.

Yadda ya kamata a yi lissafin daga ƙasa yake farawa. Ka ce asusunka dala 200 ne, kuma ka yanke cewa ba za ka rasa fiye da kashi biyu a ciniki ɗaya ba, wato dala 4. Ka ajiye `Limit` a 149, nisanka da 141 dala 8 ne. Raba 4 da 8, ya ba ka rabin SOL, kayan dala 74.5. Shi ke nan girman cinikinka. Idan ya faɗi ka rasa dala 4, idan ya kai 158 ka samu dala huɗu da rabi, idan ya kai 170 ka samu goma da rabi. Ka lura ko ninki ba ka buƙata, kuɗinka ya isa ka saya kai tsaye. Na san abin da mai dala 200 zai ce: yaushe ribar dala huɗu za ta canja wa mutum rayuwa? Ba za ta canja ba, kuma gara a faɗi gaskiya. Amma mai wannan lissafi zai iya faɗuwa sau goma a jere ya tashi da fiye da dala 160, alhali wanda ke sa dala 50 a ninki 20 faɗuwa huɗu ce tsakaninsa da sifili. Batun halaccin ciniki da ninki da kuɗin da ake cira duk bayan wasu awanni a kan riƙe shi kuwa, malamai da dama sun yi magana a kai da kakkausar murya, kuma tambaya ce da ya dace mutum ya kai wa malaminsa, ba admin ɗin zaure ba.

Ko `SL` ɗin da aka sa daidai ba katanga ba ne. Oda ce da ke cewa idan an kai nan a sayar a farashin da aka samu. A ranar da kasuwa ta rikice, farashin da aka samu na iya yin nisa. Ranar 10 ga Oktoban 2025, an share cinikayyar da ta haura dala biliyan 19 a kasuwar kirifto cikin kwana ɗaya, kuma ƙananan koin da yawa sun zube fiye da rabi cikin mintuna kafin su ɗan farfaɗo. A irin wannan rana, girman abin da ka sa ne kawai ke kare ka.

Mafi munin hali shi ne mai sigina da ke janye mafitar bayan an shiga. Farashi ya doshi 141, sai saƙo ya fito: kada kowa ya tsorata, a cire `SL`, manyan 'yan kasuwa ne ke farautarsa. Ya kai 135, sai a ce dama ce, a ƙara saye don a rage matsakaicin farashi. Ya kai 120, sai a ce ai wannan na dogon zango ne. Siginar da ba a rufe ba ba ta shiga jerin asara, don haka tarihin zauren yana nan fes, kuɗin mabiya ne ke narkewa. Mutumin da ya ce maka a 141 zan yarda na yi kuskure, sannan aka kai 141 ya ƙi yarda, ya nuna maka duk abin da kake buƙatar sani game da shi.

Wannan ya kawo mu ga tambaya ta uku. Me ya sa wanda ya iya zana `SL` mai ma'ana zai rubuta ninki 20 da ya san zai kashe mabiyansa kafin a kai wurin? Amsar tana cikin saƙon da aka maƙala a saman zauren, wanda ke cewa sigina kyauta ce, sharaɗi kawai ka buɗe asusu ta linkinmu.

Duk wanda ya taɓa zuwa kara ya san dillali: la'adarsa na fita ne da zarar an sallama, ko saniyar ta yi wa mai saye albarka ko ba ta yi ba. Dandalin ciniki na biyan mai linki wani kaso na kuɗin cinikin duk wanda ya kawo. A manyan dandali, kuɗin odar `Market` a fiyuca, ɓangaren da ake ciniki da ninki, yana wajen kashi 0.05 cikin ɗari, kuma ana cire shi ne daga girman cinikin gaba ɗaya, ba daga abin da ka ajiye ba. Dala 50 a ninki 20 ciniki ne na dala 1,000: santi 50 wajen shiga, santi 50 wajen fita, dala ɗaya ke nan. Mu ƙaddara kason mai zauren kashi 30 ne, santi 30 daga mutum ɗaya. Idan mutum 500 suka bi, kuma ana turo sigina uku a rana, dala 450 ce ke shigar masa kullum, an ci ko an faɗi. Da waɗannan mutanen sun yi cinikin dala hamsin-hamsin ɗinsu ba ninki, da abin da zai samu bai kai dala 23 ba. Ga dalilin 20x. Ga kuma dalilin da ya sa zauren ba ya taɓa cewa yau kasuwa ba ta da fasali, kowa ya huta, alhali duk ɗan kasuwar da ya daɗe ya san ranakun zama sun fi ranakun shiga yawa.

Ba na cewa duk mai linki macuci ne. Karɓar kamasho sana'a ce, kuma akwai masu faɗa a fili cewa daga nan suke ci. Abin nufi shi ne ka san inda maslaharsa ta rabu da taka: shi yawan ciniki da girmansa ne ribarsa, kai kuma ingancinsa. A ɓangaren fores, wato cinikin kuɗaɗen ƙasashe, abin yakan fi haka muni, domin akwai dillalan da su ne ke ɗaya gefen cinikinka, asararka ribarsu ce, wasunsu kuma daga wannan asarar suke sallamar wanda ya kawo ka. Ba banza ba a shekarar 2018 hukumar kula da kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai, ESMA, ta taƙaita ninkin da ake bai wa ƙananan 'yan kasuwa a irin wannan ciniki, ta sa na kirifto bai wuce ninki biyu ba, bayan da aka gano tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na asusunsu asara suke yi.

Mai karɓar kuɗin wata na zauren `VIP` shi kuma kayan sayarwarsa kamannin nasara ne. Zauren kyauta shi ne tallarsa, shi ya sa yake cike da hotunan riba masu launin kore. Hoton riba ba hujja ba ne: yana nuna kaso, ba ya nuna ko dala biyu aka sa, ana iya ciro shi daga asusun gwaji, kuma mutum zai iya buɗe ciniki biyu masu karo da juna ya nuna wanda ya ci. Akwai ma tsohuwar dabara da ba ta buƙatar taswira ko kaɗan. A ce wa mutum 400 zai hau, a ce wa wasu 400 zai sauka. Waɗanda aka dace a kansu a sake raba su biyu, a kuma sakewa. Bayan zagaye uku akwai mutum ɗari da suka ga an faɗa musu daidai sau uku a jere, kuma su ne za a nemi su biya.

Na ukun shi ne wanda ya riga ya sayi abin da yake ce maka ka saya. Wannan ba ya tasiri a kan Bitcoin ko SOL, domin zauren mutum dubu biyar ba zai motsa su ba. A kan ƙaramin koin da cinikinsa na yini bai taka kara ya karya ba ne abin ke aiki. Ka buɗe taswirar minti ɗaya ka duba abin da ya faru kafin lokacin da aka turo saƙon. Idan ka ga an yi ta saye a hankali awanni ko kwanaki kafin nan, sai dogon kyandir kore a mintin da saƙon ya fita, sai jajaye a bayansa, to sayenku ne ya zama kasuwar da wani ya sauke kayansa. Wani lokacin kuma masu koin ɗin ne suka biya a tallata shi. A Oktoban 2022 hukumar SEC ta Amurka ta sa Kim Kardashian ta biya dala miliyan 1.26 saboda ta tallata EthereumMax ba ta bayyana cewa an biya ta dala 250,000 ba. Laifin da aka kama ta da shi ɓoye biyan ne. Admin ɗin da ba ka san sunansa na gaskiya ba, babu hukumar da za ta tilasta masa ya gaya maka.

A nan gida mun ga inda kalmar sigina ta zama mayafi kawai. CBEX, da ta rufe da kuɗin ɗimbin 'yan Najeriya a Afrilun 2025, tana raba wa mutane abin da take kira sigina su kwafa su liƙa a manhajarta, riba ta bayyana a allo. Babu mashigar da za ka auna, babu wurin da hasashe ke rushewa, babu ranar asara. Da an yi mata tambaya ta biyu kaɗai, a ina wannan cinikin zai faɗi, da shirun ya isa amsa.

Hanyar tantance zaure ba ta buƙatar ka sa ko kwabo, sai dai haƙuri. Ka buɗe littafi ko shafin lissafi, duk siginar da ta fito ka rubuta ta a lokacin da ka gan ta, tare da farashin da ke allo a wannan mintin, domin shi ne wanda da za ka samu. Kada ka dogara da komawa baya ka karanta tarihin zauren: a Telegram mai tasha na iya goge saƙo ba a ga alama ba, wanda aka gyara kuma ɗan rubutun `edited` ne kawai ke nunawa, ba ya gaya maka me aka canja. Ka zaɓi doka ɗaya ta fita ka tsaya a kanta, misali kullum a `TP2` ko a `SL`, duk wanda aka fara taɓawa. Sannan ka auna kowane sakamako da abin da aka sa a hatsari: faɗuwa ɗaya ce a cire, cin da ya kai ninki ɗaya da rabi na hatsarin ɗaya da rabi ne a ƙara, kuma ka rage kuɗin ciniki. Sigina goma ba su isa ba, sa'a kaɗai na iya ƙawata su. Ka bari su kai talatin ko hamsin, kuma su haɗa da makon da kasuwa ke zuba, domin a lokacin da komai ke hawa kowa gwani ne.

Idan muka mayar da wannan duka kan siginar SOL ɗin nan, hukuncinta ya fito. Hujjarta ta taswira karɓaɓɓiya ce, 141 wuri ne da ake iya karewa. A 148 ko 149 ciniki ne da mai lissafi zai iya ɗauka da rabin SOL, yana kallon 158 da 170, ya manta da 154. A 152 ribar ba ta kai hatsarin ba sai in har an kai 170, a 153 kuwa babu abin tattaunawa. Ninki 20 ɗin a yar da shi gaba ɗaya, don ya saɓa wa `SL` ɗin da ke saman sa a saƙo ɗaya. Saura ka aika wa admin tambaya cikin ladabi: Malam, wannan `SL` ɗin taɓawa ne ko rufewar kyandir, kuma kai a nawa ka shiga? Mai abin faɗa zai amsa da lamba cikin layi biyu. Wasu zaurukan kuma a kan wannan tambayar suke cire mutum.